Amsoshin Tambayoyinku: Na daina shan sigari, amma jikina ya ƙi daɗi

Wasiƙarmu ta yau daga wani mai sauraro take: "Shekara 12 ina shan kara 20 a rana. Yau kwana huɗu da na daina, amma ba na iya barci, abu kaɗan sai in hasala, tari kuma ya ƙaru. Anya ban cuci kaina ba?"

To Malam, sannu da ƙoƙari. Ba ka cuci kanka ba, a daidai tsakiyar wahalar ka rubuto mana.

Idan ka zuƙi hayaƙi, nikotin, sinadarin da ke cikin taba, na isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20. Can sai ya sa a saki dofamin, sinadarin da ke sa mutum ya ji daɗin abu har ya so maimaitawa. Wannan saurin shi ne tarkon. Ɗauki lissafinka: kara 20, kowane zuƙa kamar goma, sau 200 ke nan a rana ƙwaƙwalwarka na samun tukuici nan take. Ga shi nikotin ba ya daɗewa, cikin kamar awa biyu rabinsa ya fita daga jini. Da tafiya ta yi tafiya, ƙwaƙwalwa sai ta ƙara yawan mazaunan da nikotin ke maƙalewa, kuma idan suka zama wayam sai rai ya ɓaci. Natsuwar da mashayi ke cewa sigari na ba shi, yawanci ƙishin da karan baya ya bari ne yake kashewa.

Shi ya sa alamomin rashin nikotin ke farawa tun ranar farko, su yi tsanani a kwana na biyu zuwa na uku, sannan su riƙa sauka cikin mako biyu zuwa huɗu. Yunwa kan fi daɗewa. Ita kuwa sha'awar, zuwa take ta wuce cikin 'yan mintoci, musamman bayan cin abinci, inda hannu ya saba.

Tarin fa? Akwai ƙananan gasu a hanyar numfashi masu share majina, waɗanda hayaƙi ya kassara. Yanzu sun farfaɗo suna fitar da dattin da ya taru. Amma idan ka ga jini a kaki, ko ciwon ƙirji, ko numfashi na sarƙewa, ko baƙin ciki mai tsanani, je asibiti, kada ka jira.

Batun barci, duba kofi ko shayin da kake sha. Hayaƙin taba na sa hanta ta ƙone kafeyin, sinadarin kofi da shayi da ke hana barci, da sauri. Da ka daina, kofi ɗaya sai ya yi aiki kusan na biyu. Rage shi da rabi, kada ka sha shi da yamma. Haka ma wasu magunguna suke, don haka idan kana shan magani kullum, sanar da likitanka. Ka kuma tambaye shi filastar nikotin ko cingam ɗinsa, suna sassauta waɗannan makonni.