Gurbin da ba komai, sifili da ɗan kara: laccar da aka gabatar a Zariya kan kwafe tebur zuwa kwamfuta

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla.

Abubuwa uku zan taɓo yau: gurbin da aka bari ba komai, sifili, da ɗan karan nan da ake ja a cikin gurbi. A ido kamar 'yan gida ɗaya ne, amma kowanne da maganar da yake yi.

Mu fara da sifili, kuma mu ɗauki ruwan sama, tunda duk wanda ke ɗakin nan ya san damina. A watan Janairu, nan Zariya, hunturu ne, ƙura ce kawai. Mai duba ma'aunin ruwa ya fita da safe, ya leƙa, ya ga kwalba a bushe, ya rubuta 0. Wannan sifilin aiki ne aka yi. An je, an duba, ba a samu ba. Ina so ku riƙe wannan: an je, an duba.

To a ce a watan Agusta zazzaɓi ya kwantar da shi, ranar bai fita ba. Gurbin ranar ya zauna ba komai. An yi ruwa? Wataƙila an kwana ana tafkawa har kwata ta cika a Tudun Wada. Takarda dai ba ta sani ba. In kai mai kwafewa ka cusa 0 a wurin don tebur ya yi kyau, ka yi shaidar abin da ba ka gani ba.

Bari mu yi lissafi, ku fito da biro. A ce kwana biyar ne, da milimita: 20, sai 0, sai gurbi ba komai, sai 40, sai ɗan kara. Kwana uku kaɗai muke da awonsu. Jimla 60, a raba uku, matsakaici 20. Yanzu cike biyun can da sifili: 60 a raba biyar, 12. Daga 20 zuwa 12, kuma ba ka taɓa lamba ko ɗaya ta gaskiya ba! Hajiya na ga kin girgiza kai, ai haka yake. Abin da ke sa a daɗe ba a gano ba shi ne jimla ba ta motsi, 60 ce nan da can. Mai duba jimla kaɗai zai sa hannu ya wuce.

A Excel, `AVERAGE` yana tsallake gurbin da ba komai, yana tsallake rubutu, amma yana ƙirga sifili. Saboda haka bar gurbin yadda ka same shi. Sai dai ku kula, in ka jawo gurbin zuwa wani shafi da `=Sheet1!A3`, 0 zai fito maka, ba kai ka rubuta ba. Na taɓa kwana biyu ina neman inda sifilai suka shigo wani aiki da aka kawo mini, ashe ta nan ne.

A fayil ɗin CSV ga yadda layin zai kasance, waƙafi biyu a jere su ne gurbin:

```
20,0,,40,-
```

A rumbun bayanai kuma sunansa `NULL`, ana nemo shi da `IS NULL`. Lokaci na gudu. Kafin ku miƙa aiki, ku ƙirga sifilai da guraben da ba komai a takardar asali, ku ƙirga a kwamfuta da `COUNTBLANK` da `COUNTIF`, su zo daidai.

Na'am, ɗan'uwa can gefen taga?

(Tambaya: Malam, ni akawu ne. A takardunmu ɗan kara ai sifili ne. In mayar da shi 0?)

Yauwa, Allah ya yi maka albarka, da na tafi ban faɗa ba. Gaskiyarka. Tsarin `Accounting` na Excel yana nuna sifili a matsayin ɗan kara. In fayil ɗin na hannunka, danna gurbin ka dubi sama, za ka ga 0 a zaune. Amma a wani teburin ɗan karan na nufin ba a samu bayani ba, a wani kuma abin bai shafi wurin ba, kamar gurbin yawan masu juna biyu a layin maza. Don haka duba ƙasan tebur tukuna, galibi akwai bayanin alamomi. In ya ce sifili ne, sa 0, ka rubuta cewa kai ka mayar. In babu bayani, tambayi wanda ya haɗa teburin. In ba ka same shi ba, bar gurbin lamba ba komai, ka buɗe wani layin tsaye a gefe ka ajiye ɗan karan yadda ya zo, domin in ka bar shi cikin lambobi wasu manhajojin za su ɗauki layin gaba ɗaya a matsayin rubutu. Kawo takardar taka bayan sallar la'asar mu duba ƙasanta tare.