Sharhi: Fayil ɗin da ake bari a baya bayan sauya ma'ajiyar kalmomin sirri

Masu sauraro, duk wanda ya yanke shawarar kwashe kalmomin sirrinsa daga wata manhajar ajiya zuwa wata, yawanci ta hanyar fayil ɗin CSV yake bi, wato fayil na rubutu zalla da waƙafi ke raba bayanansa, kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne wannan fayil ba a kulle yake ba. Sunan shafi, sunan shiga da kalmar sirri duk a fili suke, layi bayan layi, ta yadda duk wanda ya buɗe shi zai karance su tsaf.

A ce mutum yana da asusu 200, ya fitar da fayil ɗin, ya shigar da shi cikin sabuwar manhaja. Kafin ya goge komai, wajibi ne ya duba ko adadin ya cika 200, sannan ya gwada shiga imel da asusun banki, domin waƙafi ko alamar zance a cikin kalmar sirri kan sa bayanai su zame zuwa gurbin da ba nasu ba. Makullan shiga na passkey, masu maye gurbin kalmar sirri, da takardun da aka maƙala ba sa bin CSV, don haka kada a yi gaggawar rufe tsohuwar ma'ajiyar.

Gogewar ita ce inda gizo ke saƙa. Jefa fayil a kwandon shara na kwamfuta ba gogewa ba ne, kuma ko an zubar da kwandon, bayanan na iya zama a kan faifai har sai an rubuta wani abu a kansu. A tsohon faifai mai juyawa, umarni irin su `shred` na rubuta shirme a kan gurbin fayil ɗin, kuma galibi hakan na wadatarwa. Amma faifan SSD, wato na zamani mara juyawa, yana rarraba rubutu a wurare daban-daban don kada wani sashe ya riga sauran lalacewa, saboda haka sabon rubutun ba lallai ne ya sauka a kan tsohon ba.

A ganina, tun kafin a fitar da fayil ɗin ake cin nasara ko a faɗi. A tabbatar faifan a kulle yake da manhajar kulle faifai, wato BitLocker a Windows ko FileVault a Mac, a kuma ajiye fayil ɗin a babban fayil da ba ya aika kwafi zuwa OneDrive, iCloud ko Google Drive. Idan manhajojin biyu sun yarda da fayil mai kulle, a zaɓe shi a bar CSV.

In kuwa kwafi ya riga ya haura OneDrive, iCloud ko Google Drive, a bi shi a goge har daga kwandon sharar sabis ɗin, inda yakan kwana 30, sannan a sauya kalmomin sirrin imel da na banki nan take.