Lacca Kan Yadda Ake Rarraba Doguwar Wasiƙar Talla Zuwa Sassa

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa mahalarta, ina yi muku barka da zuwa. Abin da za mu tattauna a wannan zama shi ne wasiƙar talla, wato doguwar takardar da mai kaya yake rubutawa domin ya shawo kan mai saye, da yadda ake sassauta ta idan ta cushe da manyan sakin layi har ido ya rasa inda zai sauka.

Dalilin wannan aiki ba ɓoyayye ba ne. A shekarar 1997, Jakob Nielsen da John Morkes sun gudanar da bincike kan yadda mutane suke karatu a fuskar kwamfuta, inda suka gano cewa kashi 79 cikin ɗari na waɗanda aka gwada suna bin sabon rubutu da ido sama-sama ne kawai, yayin da kashi 16 cikin ɗari ne suke karanta shi kalma bayan kalma. Saboda haka wasiƙar talla tana da masu karatu iri biyu, mai haƙuri da mai gaggawa, kuma dole ne takarda ɗaya ta ishi kowannensu.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce an kawo mana wasiƙar da take tallata fitila mai aiki da hasken rana, tana da sakin layi goma sha biyu, kowanne ya haura layi goma, babu kan sashe ko ɗaya. Kuskuren da mai gyara ya fi yi shi ne ya fara yanka rubutun duk bayan sakin layi biyu yana ɗora masa kai, kamar mai yanka yadi da awo. Aikin ba daga nan yake farawa ba. Ana farawa ne da ɗaukar alƙalami, a rubuta a gefen kowane sakin layi tambayar da yake amsawa, da harshen mai saye ba da na mai sayarwa ba. Idan muka yi wa wasiƙarmu haka, za mu tarar cewa sakin layin nan goma sha biyu tambayoyi biyar kacal suke amsawa: wace matsala fitilar take magancewa, awa nawa take yi tana haske, me ake samu a cikin kwalin, me zai faru idan ta lalace, da kuma yadda ake saye. Za mu kuma tarar da abin da cushewar ta rufe, wato an yi maganar daɗewar batir a sakin layi na uku, an sake ta a na bakwai da na goma, sannan garantin shekara ɗaya, wanda shi ne abin da zai fi kwantar wa mai saye hankali, an binne shi a tsakiyar na tara. Sai a tattara duk abin da yake amsa tambaya ɗaya a wuri ɗaya, a zubar da maimaici, sassa biyar su fito da kansu.

Yanzu sai kanun sassan, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe, domin nan ne aikin yake gyaruwa ko ya ɓaci. Akwai kan da yake ambaton sunan batu kawai, akwai kuma wanda yake faɗin magana. Idan aka rubuta "Game da batir", an gaya wa mai karatu abin da sashen ya ƙunsa, amma ba a ba shi komai ba, sai ya shiga ciki ya nema, shi kuwa mai gaggawa ba zai shiga ba. Idan kuwa aka rubuta "Cajin yini ɗaya yana ba da hasken awa takwas", to ko da bai karanta ko jimla ɗaya a ƙasa ba, ya riga ya tafi da hujjar. Haka "Garanti" ya kamata ya koma "Idan ta lalace cikin shekara ɗaya, za mu canza muku ita". Kalmar da ta fi nauyi ita ake sa wa a farko, domin mai bin rubutu da ido yakan kama kalmomi biyu ko uku na farkon layi ne ya wuce.

Hanyar gwada wannan mai sauƙi ce. Ku rufe jikin wasiƙar, ku karanta kanun kaɗai a jere, ko ku ba wanda bai taɓa ganin ta ba ya karanta. Idan ya iya faɗin abin da ake sayarwa, da dalilin da zai sa ya saya, da abin da ake so ya yi, kanun sun yi aikinsu. Idan ya tsaya yana tambaya, to inda ya tsaya nan ne kan da yake buƙatar sake rubutu. Sai dai in ja kunne a kan abu ɗaya: kada kai ya yi alkawarin da jikin sashen bai tabbatar ba. In awa takwas ɗin a kan hasken da aka rage ne, a faɗi haka a jimlar farko da take ƙarƙashinsa, domin wanda ya karanta kai kaɗai da shi zai riƙe ku.

Game da jeri, wato rubuta abubuwa layi-layi da ɗigo a gefen kowanne, ƙa'idar ita ce ana jera abubuwan da suke tsaye da ƙafarsu ne, waɗanda za a iya sauya musu wuri ba tare da ma'ana ta ɓaci ba. A wasiƙarmu, sashen abin da yake cikin kwali ya dace da jeri sosai:

- fitila guda ɗaya
- faifan da yake karɓar hasken rana
- wayar caji mai tsawon mita uku
- takardar garanti

Abubuwa uku zuwa biyar sun isa, kuma kowane layi ya fara da irin kalmar da ɗan'uwansa ya fara da ita, suna da suna, aikatau da aikatau. Da zarar jeri ya kai abu goma, ya koma katangar da muka rushe, illa dai an yi mata ɗigo a gefe.

Amma akwai rubutun da jeri yake kashewa. A wasiƙar asali akwai jimla mai cewa fitilar ba ta buƙatar canjin batir duk wata, domin batirinta yana ɗaukar caji daga rana, saboda haka abin da mai saye zai kashe yana tsayawa ne a ranar da ya saya. Idan aka datsa ta gida uku aka jera, "domin" da "saboda haka" za su faɗi, kuma su ne suke ɗauke da hujjar. Abin da zai rage shi ne iƙirari uku da babu abin da ya haɗa su. Alamar gane irin wannan wuri ita ce kalmomin haɗi, kamar "domin", "amma", "sai dai" da "shi ya sa". Duk inda kuka gan su a jere, ku bar rubutun a matsayin sakin layi, ku dai rage shi zuwa jimla uku ko huɗu. Haka labarin da wasiƙar ta buɗe da shi, na ɗalibin da wuta ta ɗauke masa yana tsakiyar karatu, shi ma a bar shi yadda yake, ni ban taɓa ganin labarin da aka jera da ɗigo-ɗigo ya taɓa zuciyar kowa ba.

Sashen ƙarshe, na yadda ake saye, shi kaɗai ne yake son jeri mai lamba, saboda matakansa suna bin juna kuma ba a tsallake ɗaya. Kansa ya kasance umarni bayyananne, kamar "Ku cike takardar da take haɗe ku aiko mana", kuma a bar fili a samansa da ƙasansa domin wanda ya tsallako kai tsaye zuwa ƙarshen wasiƙar ya gan shi nan take.

A nan zan dakata. Wanda ya zo da wasiƙarsa ya fito da ita, mu fara da rubuta tambayoyin a gefe.