Editin biyu, fuska ɗaya: wanne ya bar mata fatarta?

To jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Yau ba editin za mu yi ba, an riga an yi, hukunci kawai za mu yanke. Hoton wata baiwar Allah ne guda ɗaya na gyara shi sau biyu, na hagu jiya da daddare, na dama yau da safe, kuma na san da yawanku kun riga kun zaɓi na hagu saboda ya fi ɗaukar ido. Ku ɗan dakata.

Na buɗe su a Photoshop gefe da gefe, Window, Arrange, 2-up Vertical, sai Match All don zumin ɗinsu ya zo daidai. Af, kafin komai ku kashe Night light in yana kunne, don sikirin da ya koma ruwan ɗorawa ƙarya zai yi ta muku.

Ido ba abin yarda ba ne a nan. In ka daɗe kana kallon fuskar da ta yi ja, bayan minti biyu idonka ya saba, sai ka ga ai lafiya lau take. Shi ya sa nake aunawa. Danna I don ɗauko Eyedropper, abin auna kala, ka buɗe Info da F8. Yanzu ga wurin da ya taɓa wahalar da ni, ku kula sosai: a sama akwai Sample Size, in yana kan Point Sample to ɗigo ɗaya tak yake karantawa, kuma fata ba kala ɗaya ba ce, ka matsa kaɗan lambar ta canza, ka sake matsawa ta sake canzawa, na fi wata ina zaton sikirin ɗina ne ya lalace. Mai da shi 11 by 11 Average, sai ya haɗa wurin ya ba ka matsakaici. Sannan a cikin Info ka canza karatun zuwa HSB Color, wato H ita ce kalar, S ƙarfin kalar, B kuma haskenta.

Bari in ɗora a kumatu... a'a tsaya, kumatun akwai jan hoda, zai ruɗe mu. Goshi ya fi, amma ba inda yake ƙyalli ba, gefensa inda haske yake tsaka-tsaki. Riƙe Shift ka danna, alamar ta zauna, ita ma ka canza karatunta zuwa HSB Color a cikin Info.

Asalin hoton kafin in taɓa shi na riga na auna: H 21, S 48, B 49. Na dama ya ba ni 21, 46, 55, wato kalar tana nan inda take, haske kawai ya ɗan ƙaru. Na hagu kuwa 24, 69, 66. Kun gani? H bai yi nisa ba, uku kacal, amma S ya tashi daga 48 zuwa 69, shi ne wannan ruwan lemon da kuke gani kuna cewa ta yi kyau. Ba kyau ba ne, Saturation na ja da yawa cikin dare ido ya gaji. Kuma kar wani ya haddace lambobin nan ya ce su ne na fata mai kyau, na wannan baiwar Allah ne a wannan hasken. Wankan tarwaɗa daban, baƙa daban, fara daban. Abin da kake nema shi ne nisan da ka yi daga asali.

Gwaji na biyu ni ya fi min muhimmanci ma. Sauko wuya da bayan hannu. A na hagu fuska kawai na yi wa mask, to ga shi fuska ta yi haske ta yi ja, wuya yana nan da duhunsa, kamar an ɗora mata kan wata. Wuya dama yakan ɗan fi duhu saboda inuwar haɓa, wannan ba laifi, B zai iya sauka, amma H da S su tsaya kusa da na fuska. Na taɓa kai wa wata kwastoma irin wannan, ta kalla ta ce hannun nata ne amma fuskar ba ta san mai ita ba, wallahi har yau ina jin maganar, don gaskiya ta faɗa. A ajinmu na gyaran fata muna zama kan wannan sosai, mai so ya yi min magana.

Yanzu Ctrl+1, zumin ɗari bisa ɗari. Dubi gefen hanci a na dama, ƙananan ramukan fata suna nan, ƙasan ido ya ɗan fi duhu, leɓe da kalarsa daban. Na hagu duk ya zama sumul kala ɗaya kamar roba.

Na dama zan tura mata. Abu ɗaya kawai zan taɓa, gefen muƙamuƙi na ga inuwar ta ɗan yi toka-toka, da alama Shadows na ɗaga fiye da kima, bari in rage shi kaɗan... yawwa, haka ya isa.