Rancen dubu 600, alat na dubu 516: ina sauran?

Assalamu alaikum jama'a. Yau takarda za mu karanta tare, takardar nan da ake miƙo wa mutum a ƙaramin banki ko a ƙungiyar gama-kai, a nuna masa da yatsa a ce "Alhaji, sa hannu nan, da nan, da nan." Yawancinmu shafin farko da na ƙarshe kawai muke gani.

Mu ɗauki misali. Wani ɗan'uwanmu yana da rumfa a Kantin Kwari, sallah ta gabato, yana son saro shadda da atamfa kafin kaya su tashi. Ya nemi rancen naira dubu 600, zai biya cikin wata 6. Jami'in bankin ya ce masa ruwan kashi 4 cikin 100 ne kacal a wata. Lambobin nan na misali ne, naka za su iya bambanta, amma hanyar lissafin ɗaya ce.

Ranar da kuɗi suka shigo, alat ya nuna dubu 516.

Ina dubu 84? Tana cikin takardar, a wurin da bai karanta ba. An cire kashi 1 na kuɗin gudanarwa, dubu 6. An cire kashi 2 na kuɗin aikin takardu, dubu 12. An cire kashi 1 na inshora, wata dubu 6. Wannan dubu 24 ke nan, ta tafi, ba ta dawowa. Sai kuma ajiyar dole, kashi 10, wato dubu 60, wadda za su riƙe har ya gama biya. Kuɗinsa ne, amma ba zai saro ko yadi ɗaya da su ba. Kuma ruwan da zai biya a kan dubu 600 cif aka lissafa shi, har da kuɗin da bai taɓa riƙewa a hannunsa ba.

Don haka tambayar farko da za ka yi wa jami'i, tun kafin ka karɓi biro: "Malam, nawa ne zai shigo asusuna, kuma nawa ne jimillar da zai fita daga aljihuna?" Ya rubuta maka lambobin biyu. Game da inshorar kuma ka tambaya me ta rufe. Wasu mutuwar wanda ya ci bashin kawai suke rufewa, ba ruwansu da gobarar kasuwa, kuma mu a Kano mun san abin da gobara take yi wa rumfa a dare ɗaya.

To, mu zo kan kashi 4 ɗin nan, don a nan babbar magana take.

Akwai hanya biyu ta lissafa ruwa. Ta farko ita ce wadda ma'aikatan banki suke kira filat. Kowane wata ana ɗaukar kashi 4 na asalin kuɗin da aka ranta, ko ka biya rabi, ko saura kaɗan. Kashi 4 na dubu 600 dubu 24 ne. Ɗan'uwanmu zai riƙa biyan dubu 100 na uwar kuɗi, da dubu 24 na ruwa, dubu 124 duk wata. A wata 6 ruwan ya kama dubu 144.

Hanya ta biyu, ruwan yana bin abin da ya rage a kanka. Watan farko dubu 24, daidai da na filat. Wata na biyu bashin ya koma dubu 500, ruwan ya zama dubu 20. Daga nan 16, sai 12, sai 8, sai 4. Haɗa su, dubu 84. Rance ɗaya, wata 6 ɗaya, kowa ya ce maka kashi 4, amma tsakaninsu akwai dubu 60.

Dubi watan ƙarshe na filat da kyau. Dubu 100 kaɗai ake bin sa, amma ya biya ruwan dubu 24. Wannan ai ba kashi 4 ba ne, kashi 24 ne a wannan watan. Ga kuma dubu 60 ɗinsa tana kwance a wurinsu.

Yaya za ka gane wacce aka yi maka? Ba sai ka iya Turancin takardar ba. Ka nemi jadawalin biya, wanda ya raba uwar kuɗi daban, ruwa daban, wata-wata. Ka bi layin ruwan da yatsa daga sama zuwa ƙasa. In lambar tana raguwa, ruwan yana bin ragowar bashi. In ta tsaya cak ba ta motsi, filat ne. In kuma aka ce maka babu jadawali sai ka sa hannu, ni dai a ganina wannan kaɗai ya isa mutum ya ɗauki hularsa.

Na san wani zai ce, "Ni ƙungiyarmu ba ta karɓar ruwa, kuɗin hidima kawai ake biya." Madalla. Hukuncin wannan na malamai ne, ba nawa ba. Amma ta fuskar lissafi, ka duba ko kuɗin hidimar sau ɗaya ake biyan sa, ko kuwa yana ƙaruwa da yawan watanni. Sannan a ƙungiyar gama-kai, sau da yawa tara da sauran caje-caje ba sa cikin fom ɗin rance. Suna cikin kundin dokokin ƙungiya, wanda ka amince da shi ranar da ka shiga. Ka nemi sakatare ya ba ka kwafi.

Yanzu tarar makara. Ɗan kasuwa ya san wata ba ya zama ɗaya: an ba da kaya bashi zuwa Maraɗi ko Yola, kuɗi ba su dawo a kan lokaci ba. Saboda haka kar ka karanta wannan sashe kamar wanda ba zai taɓa makara ba.

Takarda za ta ce tarar kashi 1. Kashi 1 na me, kuma duk yaushe? In kashi 1 ne a wata a kan biyan da aka makara, wato dubu 124, tarar naira 1,240 ce. In kashi 1 ne a kullum, naira 1,240 ɗin kowace safiya ce, kwana 10 ta zama 12,400. In kuma a kan dukan ragowar bashin ake ɗora ta, to a wata na biyu kashi 1 na dubu 500 ake magana, dubu 5 ke nan duk lokacin da aka buga. Kalma ɗaya ko biyu ce take raba waɗannan, kuma a tsakiyar layi take ɓuya.

Akwai wani layi da kusan ba wanda yake dubawa, shi ne wanda ya faɗi abin da za a fara cirewa idan kuɗi suka shigo. A takardu da yawa tara ake fara ɗauka, sai ruwa, uwar kuɗi a ƙarshe. Ɗan'uwanmu ya makara kwana 10, ya turo dubu 124 ɗinsa cif, hankalinsa ya kwanta. Su kuwa sun fara cire 12,400 na tara. Biyan watan ya gaza da 12,400, kwamfutarsu tana nuna har yanzu bai cika ba, tara tana ci gaba da hawa kan wannan giɓin. Sai wata na gaba a kira shi a ce ana bin sa, ya rantse ya biya, kuma gaskiya ya faɗa, su ma ba ƙarya suka yi ba. Maganin wannan, duk ranar da ka makara, kafin ka tura komai ka tambayi nawa ne zai share lissafin yau gaba ɗaya, ka biya wannan, ka karɓi rasit.

A nan kusa kuma ka duba ko akwai kwanakin uzuri kafin tara ta fara, da abin da zai faru in ranar biya ta faɗo Asabar ko hutun sallah, ko ka tura kuɗi suka maƙale a hanya. Ka duba ko an rubuta cewa makarar biya ɗaya ko biyu tana ba su damar neman dukan bashin nan take. Wanda ya tsaya maka garanto ma ya karanta wannan layin, don ƙofarsa za a ƙwanƙwasa.

Sai biya kafin lokaci. A ce kasuwar sallah ta yi kyau, ɗan'uwanmu ya biya wata 3, yana son sauke nauyin gaba ɗaya. Uwar kuɗin da ta rage dubu 300 ce. Wata takardar za ta ce kawo dubu 300, a rufe. Wata za ta ce kawo dubu 300 da ɗan kuɗin rufewa, misali kashi 2, dubu 306. Wata kuwa za ta ce ruwan wata 6 ya riga ya hau kanka tun ranar da ka sa hannu, kawo dubu 372. A wannan ta ukun, gaggawar biya ba ta rage maka ko kwabo, gara kuɗin su ci gaba da juyawa a rumfa kana biya wata-wata. In takardar ta yi shiru a kan wannan batu, kar ka ɗauki shirun a matsayin alheri. A rubuta, a sa hannu, a buga hatimi. Maganar baki ta jami'i tana tafiya da shi ranar da aka yi masa canjin wurin aiki.

Haka abin yake a cinikin murabaha, inda banki yake sayen kayan ya sayar maka da riba. Farashin an yanke shi tun farko, don haka in ka biya da wuri, rangwame yawanci ganin damar banki ne, ba haƙƙinka ba. Ka tambayi yadda suke yi tun kafin a ƙulla.

Ka kuma tambaya ko za a haɗa ajiyar dolen a lissafin rufewa. In za a haɗa, dubu 300 ta koma dubu 240 daga aljihunka. In ba za a haɗa ba, a rubuta kwana nawa za ta yi kafin ta dawo, kuma ko ana taɓa ta in an taɓa makara.

In aka caje ka abin da babu shi a takarda, ka fara da rubuta wa bankin ƙorafi, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Ƙananan bankuna masu lasisi suna ƙarƙashin Babban Bankin Najeriya, wanda yake da kundin caje-cajen da aka yarda da su, yana kuma da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna, in bankin ya ƙi sauraron ka. Ƙungiyar gama-kai kuwa rajistarta a wajen gwamnatin jiha take, can za ka kai kuka bayan ka gama da shugabannin ƙungiya.

Ranar da ka gama biya, kar ka fita daga ofishin sai da takardar shaidar cewa ba a bin ka komai, da duk abin da ka ajiye jingina, da cekin da garantonka ya sa wa hannu.