Shin Ci Gaban Zamani Yana Dusasar da Addini? Darasi daga Koriya ta Kudu

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da war haka.

A shekarun 1960 yawancin masana zamantakewa na Turai da Amurka sun yi ittifaƙi cewa duk inda boko da masana'antu da zaman birni suka kafu, addini zai ja baya. Peter Berger na cikin jagororinsu. Amma a 1999 ya fito fili ya janye maganarsa, ya ce duniya na nan da addininta, Yammacin Turai ne ma ya fita daban.

Mu ɗauki Koriya ta Kudu, domin kowane ɓangare da ita yake kafa hujja. A 1900 Kiristoci ba su wuce kashi 1 cikin ɗari ba, amma zuwa 2005 sun kusa kashi 30. Yawancin ƙaruwar nan kuwa ta zo ne daidai lokacin da ƙasar ke gina masana'antu, mutanen karkara na kwarara Seoul. Baƙon da ya sauka birni ba dangi ba gona, a coci yake samun wanda zai yi masa hanyar aiki, ya duba shi ranar ciwo. Cocin Yoido da ke Seoul ya fara a tanti a 1958, ya zo ya tara mabiya dubban ɗaruruwa. Masu sukar ra'ayin cewa addini zai ja baya suka ce to ga shi, birnin da aka ce zai kashe addini shi ya raya shi.

Sai ƙidayar 2015 ta nuna kashi 56 na 'yan ƙasar sun ce ba su da addini, kuma abin ya fi yawa a matasa. Nan masana kimiyyar siyasa Pippa Norris da Ronald Inglehart suke da abin faɗa. Tun 2004 suka ce ba masana'anta ce ke rage ibada ba, kwanciyar hankali ce: wanda ya tashi da inshorar lafiya da fansho, bai san fargabar gobe ba, don haka bai cika jingina da addini ba. Kuma abin sai ya ɗauki tsara guda kafin ya bayyana.

Ni dai ina ganin masanin zamantakewa José Casanova ya fi kowa warware ƙullin. A 1994 ya ce magana uku aka cakuɗa a batun ja bayan addini: rabuwar hukuma da kotu da kasuwa daga ikon malaman addini, raguwar imani, da komawar addini cikin gida. Ta farko tana iya faruwa ba tare da sauran ba. A Koriya hukuma ba ta da addini, amma limaman coci na gaba-gaba a gwagwarmayar dimokuraɗiyya ta 1987.

Wani zai ce, mu fa? Izala a birnin Jos aka kafa ta a 1978, kuma 'yan boko da 'yan kasuwa sun rungume ta da wuri. Wannan ya yi kama da zangon farko na Koriya. Amma ra'ayin Norris da Inglehart ba a gwada shi a kanmu ba tukuna, tunda kwanciyar hankalin da suke nufi ba ta iso yawancin gidajenmu ba.