Lissafin bulo da kankaren tankin ƙarƙashin ƙasa: laccar da aka yi wa matasan magina

Assalamu alaikum. To jama'a kowa ya ciro biro ko ya buɗe kalkuleta a wayarsa, yau tanki ɗaya tak za mu lissafa tun daga ƙasa har murfi.

Mai gida ya kira ka ya ce yana son tankin ruwa a ƙarƙashin ƙasa, tsawo mita 3, faɗi mita 2, zurfi mita 2. Wannan awon na ciki ne fa, wato inda ruwan zai zauna, 3 sau 2 sau 2 ya ba mu kubik mita 12, kowane kubik kuma lita 1,000 ne, kenan lita 12,000. Amma kar ka yi masa alƙawarin 12,000, don ba a cika tanki har ya taɓa dakin, in ka bar santimita 30 a sama abin da zai samu lita 10,200 ne, filasta ma sai ta ɗan ci nata.

Yanzu bulo. Mai inci 9 za mu sa, tsawonsa santimita 45, kauri 22.5, tsayi 22.5, kuma in ba a haɗa da kwaɓin da ke tsakani ba kusan bulo 10 ke rufe sukwaya mita ɗaya. Wa zai gaya min kewayen ginin? Na ji wani a baya ya ce mita 10. Ɗan'uwa kewayen ciki ka ba ni, 3 da 2 da 3 da 2, kuma nan ne yawancinmu ke faɗawa rami, domin kusurwoyin nan huɗu su ma bulo suke ci kai kuma ba ka ƙirga su ba. In ka bi ta waje kuma, 3.45 da 2.45, za ka samu 11.8, ka ƙirga kowace kusurwa sau biyu kenan. Tsakiyar kaurin bango ake bi. Hanya mafi sauƙi, ɗauki kewayen ciki ka ƙara kaurin bulo sau huɗu, 0.225 sau 4 ya zama 0.9, kewaye ya tashi 10.9. Sau tsayi mita 2, sukwaya mita 21.8, bulo 218. Ƙara kashi 5 cikin ɗari saboda wanda zai fashe wajen sauke kaya da wanda za a yanka, ka ce 230 kawai. Da ka bi mita 10 ɗin nan 200 za ka sayo, sai ana sahun ƙarshe bulo ya ƙare kai da mai gida kuna kallon-kallo.

Sai kankare, kashi uku ne. Na ƙasa ya kamata ya fito bayan bango kamar santimita 15 ta kowane gefe don ginin ya samu mazauni, wato 3.75 sau 2.75, kauri 0.15, kubik 1.55. Dakin na sama awon waje ne, 3.45 sau 2.45 sau 0.15, kubik 1.27, ni dai ba na cire ƙofar shiga daga lissafi, ɗan abin da za ta rage bai kai abin da ke zubewa a ƙasa ba.

Na ukun shi ne wanda ake mantawa, ni kaina ya taɓa ba ni kunya ina sabon shiga, siminti ya ƙare mana da la'asar leburori na zaune. Ramukan bulon nan dole a sa rodi a cika su da kankare, saboda in tanki ba ruwa ƙasa na turo bango ciki, bulo holoƙo kuwa tsagewa yake yi ya riƙa yoyo. Ɗauki bulon da aka kawo maka ka auna raminsa da tef, don kowane gidan bulo da irin injinsa. A ce rami santimita 15 da 12.5, zurfi 22.5, guda biyu a kowane bulo, ya kama kubik 0.0084, sau 218 kusan kubik 1.84. Kun ga ya fi na ƙasan ma yawa.

Haɗa su duka, kusan kubik 4.7. A kwaɓin 1:2:4, wato kwano ɗaya na siminti, biyu yashi, huɗu tsakuwa, kubik ɗaya na cin buhu 6 da ɗan ɗoriya, to buhu 30 kenan, yashi kamar kubik 2, tsakuwa kamar 4. Simintin ɗora bulo da na filasta da ɗan kankaren shimfiɗa da ake fara zubawa a kan ƙasa duk ba sa ciki, nasu lissafin daban.

Wani ya tambaya ko inci 6 zai yi don a rage kuɗi. A zurfin mita 2 ni ba zan sa ba, gaskiya. Kuma in wurin fadama ne, kana haƙa ruwa na tsattsafowa, ka nemo injiniya ya fitar maka da kaurin bango da rodi kafin ka sayi ko buhu ɗaya, don wannan lissafin namu yawan kaya kawai yake bayarwa.